Me ke ɓoye cikin √12,500? Yadda ake sauƙaƙa sikwaya rut da kiyub rut

Fuloti mai ƙafa 50 a faɗi da ƙafa 100 a tsawo shi ne awon da aka fi sani a garuruwanmu. Kafin a haƙa harsashi, magini mai lura yakan ja tef daga wata kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, don ya tabbatar kusurwoyin sun tsaya daidai, filin bai karkace ba. Tsawon da ya kamata tef ɗin ya nuna ana samun sa ne da ƙa'idar Pythagoras: a ninka 50 da kanta a sami 2,500, a ninka 100 da kanta a sami 10,000, a tara su biyun a sami 12,500. Tsawon da ake nema shi ne lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 12,500. Ita ce 'yan makaranta ke kira sikwaya rut, ko tushe, ana kuma rubuta ta √12,500.

Kalkuleta za ta ce 111.803, da wasu lambobi a baya. Amsar daidai ce, amma ta ɓoye wani abu. Lambar 12,500 ita ce 2,500 sau 5, kuma 2,500 ita ce 50 sau 50. Saboda haka ana iya fitar da 50 waje, a bar 5 ita kaɗai a ƙarƙashin alamar:

√12,500 = √(2,500 × 5) = 50√5

Yanzu lambar ta fara magana. Hamsin ɗin nan faɗin fulotin ne da kansa, √5 kuma, wato kusan 2.236, siffar filin ce: duk filin da tsawonsa ya ninka faɗinsa sau biyu, daga kusurwa zuwa kusurwa faɗinsa ne sau √5. Fuloti mai 60 da 120 zai ba da 60√5, kusan ƙafa 134.2. Mai 30 da 60 zai ba da 30√5, kusan ƙafa 67.1. Wanda ya riƙe 111.803 amsar fili ɗaya ya riƙe, wanda kuwa ya ga 50√5 ya sami amsar duk filayen da ke da wannan siffa. Wannan ne amfanin aikin da ake kira sauƙaƙa tushe, kuma ni a ganina shi ne abin da ya kamata a fara nuna wa ɗalibi kafin a ɗora masa dokoki.

Dalilin da ya sa ake iya fitar da lamba waje

Wasu lambobi suna da tushe cikakke. Huɗu ita ce 2 sau 2, tara 3 sau 3, haka 16 da 25 da 36 da 49 da 64 da 81 da 100. Waɗannan su ake kira cikakkun sikwaya. Sauran lambobi, irin su 2 da 3 da 5 da 72, tushensu ba ya ƙarewa: √2 tana farawa da 1.41421, ta ci gaba ba iyaka, ba ta kuma komawa wani tsari mai maimaituwa. Masanan Girka na dā sun tabbatar cewa babu wata lamba bisa wata da za ta ba da √2 daidai. Ke nan duk abin da kalkuleta ta nuna kintace ne da aka datse a wani wuri, alamar √2 kuwa ita ce ainihin lambar, ba ragi ba ƙari. Alamar kanta ta fara fitowa a bugu ne a littafin wani malamin lissafi Bajamushe, Christoff Rudolff, a 1525.

Dokar da aikin duka ya dogara a kanta ɗaya ce: tushen lambobi biyu da aka ninka daidai yake da tushen ta farko sau tushen ta biyu, muddin babu mai alamar ɗebewa a cikinsu.

√(a × b) = √a × √b

Ana iya ganin gaskiyar wannan da ido. A zana fili mai gefe huɗu daidai wa daida, girmansa murabba'in mita 72. Gefensa ɗaya shi ne √72. A yanka shi gida 36 daidai, shida a tsaye shida a kwance. Kowane ƙaramin gida girmansa 72 raba 36, wato 2, gefensa kuma √2. Tun da gidaje shida ne suka jeru a kowane gefe, gefen babban filin shi ne √2 har sau shida. Shi ke nan, √72 = 6√2. Abin da ya sa yankan ya yiwu shi ne 36 tana jeruwa shida-shida babu saura. Da gida 12 aka so yanka shi, ba za a sami jeri daidai a tsaye da kwance ba. Don haka ne cikakken sikwaya kaɗai ke iya fita daga ƙarƙashin alamar, kuma idan ya fita, tushensa ne ke tsayawa a waje: 36 ce a ciki, 6 ce a waje.

Hanyar aiki

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce a duba lambar a nemi cikakken sikwaya mafi girma da ke raba ta ba saura. A 48 akwai 16, don haka √48 = 4√3. A 200 akwai 100, don haka √200 = 10√2. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, daga kusurwa zuwa kusurwa √288 ne, a 288 kuma akwai 144, sai a sami 12√2, wato ƙafa 17 saura kaɗan. Hanya ce mai sauri ga wanda ya haddace sikwayoyi har zuwa 15 sau 15 ko 20 sau 20, amma ta dogara ga kaifin ido, ido kuwa yakan tsallake abu.

Hanya ta biyu ba ta da sauri, sai dai ba ta ɓatar da mutum. A farfasa lambar har a kai ga lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya, waɗanda ake kira firam: 2, 3, 5, 7, 11, 13 da sauransu. Mu ɗauki 432. Raba ta biyu, 216. Sake rabawa, 108, sannan 54, sannan 27. Biyu ta shiga sau huɗu ke nan, kuma ba ta shiga 27. Sai a koma uku: 27 ta zama 9, 9 ta zama 3, 3 ta zama 1. Uku ta shiga sau uku.

432 = 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 3

Yanzu sai a haɗa masu kama biyu-biyu. Kowane biyu da aka haɗa, ɗaya ce ke fita a madadinsu, domin lamba sau kanta cikakken sikwaya ce. Lambobin 2 guda huɗu sun ba da haɗi biyu, don haka 2 ta fita sau biyu. Lambobin 3 guda uku sun ba da haɗi ɗaya, 3 ta fita sau ɗaya, saura guda ɗaya da ba ta sami abokiyar haɗi ba, ita za ta zauna a ciki. Waɗanda suka fita ninka su ake yi, ba tarawa ba: 2 × 2 × 3 = 12. Amsa: √432 = 12√3.

A nan ne kuma ake gane lokacin da aiki ya ƙare. Idan babu wata firam da ta maimaita kanta a cikin abin da ya saura, to babu sauran abin fitarwa. Lambar 30 ita ce 2 × 3 × 5, kowacce sau ɗaya, don haka √30 haka za ta zauna. Haka √210, duk da girmanta, domin 2 × 3 × 5 × 7 ce. Ɗalibi yakan ɓata minti biyar yana ƙoƙarin sauƙaƙa abin da ba ya sauƙaƙuwa, don yana zaton tilas kowace tambaya ta canja kama. Ba tilas ba ne.

Akwai wata dabara da ke rage wahala. Ba sai an gwada dukkan sikwayoyi ba. Duk lambar da 16 ko 36 ko 64 ko 100 ke rabawa, 4 ma tana raba ta, don haka ya isa a gwada sikwayoyin firam kawai: 4, 9, 25, 49, 121, 169. Ukun farko ma ana gane su da kallo. Huɗu tana raba lamba idan tana raba lambobi biyu na ƙarshenta. Tara tana rabawa idan jimillar lambobin ta rabu da 9. Ashirin da biyar tana rabawa idan lambar ta ƙare da 00, 25, 50 ko 75. A gwada da 1,800: ta ƙare da sifiri biyu, ke nan akwai 100 a ciki, 10 ta fita, saura 18. Jimillar 1 da 8 tara ce, 3 ta fita, saura 2. Goma sau uku talatin, √1,800 = 30√2. Inda aka fi tuntuɓe shi ne 49 da 121 da 169, waɗanda ba su da wata alama a fuska. Da yawa za su kalli √98 su ce ta gama, alhali 49 sau 2 ce, wato 7√2. Haka √242 ita ce 11√2, √338 kuma 13√2.

Abin da sauƙaƙawa ke tonawa

Ga wata tambaya irin wadda ke fitowa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB: a tara √8 da √18 da √50. A fuska, lambobi uku ne da ba abin da ya haɗa su. Da aka sauƙaƙa su sai ga 2√2, 3√2, 5√2. Kamar buhuna uku ne masu girma daban-daban da aka juye aka auna, sai aka tarar duk gero ne, wannan mudu biyu, wannan uku, wancan biyar. Jimilla mudu goma: 10√2, kusan 14.14. Da ɗaya ta zama √3, to dawa ce ta shigo cikin gero, ba za a haɗa ƙidayarsu ba. Amsa irin 5√2 + 2√3 cikakkiya ce a haka.

Ninkawa ma haka take bayyana abin da ke ɓoye. √72 sau √50 ita ce 6√2 sau 5√2. Na waje su ninka juna, 30. Na ciki, √2 sau √2, ita ce 2 cif. Talatin sau biyu sittin. Lambobi biyu marasa ƙarshe sun haifi 60 ba ɗigo ba saura. Wanda ya fara datse su ya ce 8.5 sau 7.1 zai sami 60.35, ba kuma zai san cewa amsar gaskiya cikakkiyar lamba ba ce. Datsewa da wuri ɓarnarta tana girma gwargwadon abin da aka ninka da ita: a fulotin can, wanda ya ɗauki √5 a matsayin 2.2 zai sami ƙafa 110, ya yi kuskuren kusan ƙafa biyu, abin da ya isa ya karkata katanga. Shi ya sa masu lissafi ke riƙe alamar tushe har layin ƙarshe, sannan su juya ta zuwa ɗigo sau ɗaya tak.

Idan aka koma kiyub rut

Kiyub rut na amsa tambaya ce ta daban: wace lamba ce idan aka jera ta sau uku aka ninka za ta ba da wannan? Ana rubuta ta da ƙaramin 3 a kan alamar, ∛. Tun da 2 × 2 × 2 = 8, to ∛8 = 2. Cikakkun kiyub su ne 8, 27, 64, 125, 216, 343, 512, 729, 1,000. Sun fi sikwayoyi nisa da juna, don haka lambobin da kiyub rut ɗinsu ke sauƙaƙuwa ba su kai na sikwaya yawa ba.

Inda ake haɗuwa da ita a aikace shi ne abin da ke da tsawo da faɗi da zurfi. A ce za a gina tankin ruwa na ƙasa mai tsawo da faɗi da zurfi iri ɗaya. Mita ɗaya ta kowane gefe tana ɗaukar lita 1,000. Tanki mai lita 54,000 ke nan zai ci irin wannan awo sau 54, gefensa kuma ∛54. A 54 akwai 27, saura 2. A hango tankin an yanka shi gida 27, uku a tsawo, uku a faɗi, uku a zurfi. Kowane gida yana ɗaukar lita 2,000, gefensa ∛2, wato kusan mita 1.26. Gidaje uku ne a kowane gefe, don haka ∛54 = 3∛2, kusan mita 3.78 daga ciki, ban da kaurin bango. Tanki mai lita 16,000 shi ne 2∛2, kusan mita 2.52.

Akwai darasi a cikin waɗannan lambobi ga duk mai gini. Daga lita 2,000 zuwa 16,000 ruwa ya ninka sau takwas, amma gefe sau biyu kawai ya ninka. Wanda ya so ninka ruwansa biyu, ya ninka tsawo da faɗi da zurfi duka, ya haƙa ramin da ya fi buƙatarsa sau huɗu. Abin da yake buƙata shi ne ya ƙara kowane gefe da kusan kashi 26 cikin ɗari.

Hanyar firam ba ta canja ba, illa yanzu uku-uku ake haɗawa. Mu koma ga 432 ɗin ɗazu. Lambobin 2 guda huɗu ne: uku sun haɗu, 2 ta fita sau ɗaya, guda ɗaya ta saura. Lambobin 3 guda uku ne cif, 3 ta fita, ba saura. Na waje 2 × 3 = 6, na ciki 2. Amsa: ∛432 = 6∛2. A lura da yadda lamba ɗaya ta ba da 12√3 a can, ta ba da 6∛2 a nan. Farfasawar ɗaya ce, girman haɗin ne ya bambanta. A ƙarƙashin kiyub rut firam tana iya zama sau biyu ba tare da ta fita ba: ∛4 da ∛18 da ∛100 duk sun gama sauƙaƙuwa. Sifiri ma haka ne, biyu-biyu suke fita daga sikwaya rut, uku-uku daga kiyub rut. Shi ya sa ∛1,000 ta zama 10 cif, amma √1,000 ta tsaya a 10√10.

Bambanci ɗaya da ya rage shi ne lambobin ƙasa da sifiri. Babu lamba a kan layin ƙidaya da za a ninka da kanta ta ba da −50, domin ɗebewa sau ɗebewa tarawa take bayarwa. Amma −3 sau −3 sau −3 tana ba da −27, don haka ∛(−54) tana da amsa, −3∛2. Alamar ɗebewar tana fita waje tare da ukun.

Inda ake zamewa, da yadda ake ganewa

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne ɗaukar dokar ninkawa a ɗora wa tarawa. Ɗalibi ya ga √(9 + 16) sai ya ce 3 da 4, bakwai. Amma 9 da 16 ashirin da biyar ne, tushenta 5. Wanda ya yi wa fulotin can haka zai ce √(2,500 + 10,000) ita ce 50 da 100, wato 150. Wannan tsawon tafiya ce ta bin gefen katanga, alhali kowa ya san yanke ya fi kusa. Haka a ɗebewa: √75 − √12 ba √63 ba ce. Ita ce 5√3 − 2√3, wato 3√3, kusan 5.2, √63 kuwa ta kusa 8. Tushe yana rabuwa a kan ninkawa da rabawa kawai. Idan akwai tarawa ko ɗebewa a ƙarƙashin alamar, a gama su tukuna.

Na biyu shi ne fitar da lamba yadda take, a rubuta √72 = 36√2. Na uku kuma tsayawa a rabin hanya, a ga 4 a cikin 72 a rubuta 2√18. Wannan ba ƙarya ba ce, darajarta daidai take da 6√2, sai dai akwai 9 da ta rage cikin 18. A jarrabawar zaɓi ɗalibi zai duba amsoshin ya rasa tasa, ya ɗauka ya ɓata, alhali taki ɗaya ya rage masa. Akwai kuma wanda hannunsa ya saba da biyu-biyu, ya zo kan ∛12 ya rubuta 2∛3, ya manta lambobin 2 guda biyu ne kawai a cikin 12, ba su cika uku ba. Wani kuma yakan manta da lambar da ta riga ta kasance a waje: 5√12 ita ce 5 sau 2√3, wato 10√3, ba 7√3 ba.

Duk waɗannan gwaji ɗaya ne ke kama su, kuma ba ya cin rabin minti. A mayar da lambar waje ciki. Ga sikwaya rut, a ninka ta da kanta sannan a ninka da ta ciki: 12√3 ta ba da 144 × 3 = 432, daidai. 36√2 kuwa ta ba da 1,296 × 2 = 2,592, ina ita ina 72. Ga kiyub rut, sau uku za a jera ta: 6∛2 ta ba da 216 × 2 = 432. 2∛3 ta ba da 8 × 3 = 24, ba 12 ba, asiri ya tonu. Ana iya ƙarawa da kintace: 72 tana tsakanin 64 da 81, don haka tushenta tilas ya faɗa tsakanin 8 da 9. Shida sau 1.414 ta ba da 8.48, ta shiga. Abin da wannan gwaji ba ya kamawa shi ne tsayawa a rabin hanya, domin 2√18 ma 72 za ta mayar. Maganin wannan shi ne a sake duba ta cikin, a gwada 4, 9, 25, 49, ko 8, 27, 125 idan kiyub ce.

Idan haruffa suka shigo, aikin bai sauya ba. A √(50x³) akwai 25 da x sau x, su fita su zama 5x, a bar 2x a ciki: 5x√(2x). Wurin taka-tsantsan shi ne √(x²), wadda ake yawan cewa x ce kai tsaye. Idan x ta kasance −3, x² tara ce, tushenta 3, ba −3 ba, domin alamar √ ba ta ba da amsa mai ɗebewa. Daidai shi ne |x|, sai in tambayar ta riga ta ce x ba ta ƙasa da sifiri.

Hanyar tana da iyakarta. Ta dogara ne kacokan a kan iya farfasa lamba, kuma farfasawa tana tsananta yayin da lamba ke girma. Lamba irin 10,082 ba ta nuna komai a fuska, sai an raba ta biyu an sami 5,041, sannan a gane cewa 71 ce sau 71. Kuma a wurin gini ba wanda zai ja tef ya nemi 50√5. A ƙarshe dole a faɗa wa mai riƙe da tef ƙafa 111 da inci kusan 10. Don haka yana da kyau a haddace lambobi huɗu: √2 kusan 1.414, √3 kusan 1.732, √5 kusan 2.236, ∛2 kusan 1.260. Da su kaɗai, wanda ya iya fitar da cikakken sikwaya zai faɗi darajar √200 da √300 da √500 da √1,800 da ka.

Ga iyaye da malamai, roƙona shi ne idan yaro ya kawo amsa kada a tsaya ga ce masa daidai ko kuskure. A sa shi ya mayar da lambar waje ciki da hannunsa, ya faɗa da bakinsa ko ta dawo inda ta fito. Mai karatu kuma da ke son gwada kansa, ga 2,000: a nemo sikwaya rut ɗinta, a nemo kiyub rut ɗinta, a mayar da kowacce ciki a gani. Ta farko 20√5 ce, ta biyu 10∛2.